Hattara: fili ɗaya, masu shi uku a bayan garin Kumasi

Salamu alaikum 'yan uwa na Zango. Duk mai tara kuɗin sayen fuloti, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya miƙa wa kowa ko fesuwa.

Akwai wani dillali da ke yawo tsakanin Aboabo da Asawase yana tallan filaye a bayan gari. Fuloti ɗaya ya sayar wa mutum uku: wata Hajiya mai sayar da atamfa, da wani direba, da wani yaronmu da ke ci-rani a Turai. Kowa na riƙe da alokeshan not, takardar da sarkin yankin ke bayarwa, da hatimi da sa hannu. Asiri bai tonu ba sai da direban ya sauke tifar yashi, washegari ya tarar magina na haƙa tushen Hajiya.

Alokeshan not shaida ce kawai cewa an nuna maka wuri. Ba ita ce takardar mallaka ba, kuma muddin ba a yi rajista ba, babu sunanka a Hukumar Filaye, wato Lands Commission. Shi ya sa ko na biyu da na uku sun je bincike, za a ce musu ba a rubuta kowa a wurin ba, alhali an riga an sayar.

Don haka fara da taswirar filin, sayit fulan. Kar ka yi bincike da wadda dillali ya ba ka, domin sukan nuna maka wuri ɗaya, su ba ka taswirar wani wurin da ba shi da rigima. Ɗauko safiyo naka mai lasisi, ya tsaya a kan filin ya auna da kansa. Da tasa taswirar za ka nemi bincike a Hukumar Filaye, a ba ka sakamakon a rubuce. Daga nan ka wuce ofishin filayen Asantehene a Manhyia, ka tabbatar sarkin da ya sa hannu shi ke da ikon wurin, kuma lambar fulotin ba ta ɗauke da sunan wani. Ka tambayi maƙwabta ma. Mai kiyos ɗin bakin hanya ya fi dillali sanin mutum nawa aka kawo gani.

In ka ji "kawo rabi yau, wani na zuwa da kuɗi gobe", ja da baya.

Dokar filaye ta 2020 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 15 ko tara mai nauyi ga wanda ya ba mutum biyu fili ɗaya, amma ɗaurinsa ba ya dawo maka da kuɗinka. In komai ya fito tsaf, biya ta banki, karɓi rasit, ka duba wa'adin gini da ke jikin alokeshan not ɗin, sannan ka fara neman lis, wato takardar hayar fili ta dogon lokaci, da rajista nan take.