Wane ma'auni da wace manhaja ƙaramar tawaga za ta zaɓa don tsara zangon aiki?

Duk tawagar masu rubuta manhaja da ke aiki bisa tsarin Scrum tana raba aikinta zango-zango, galibi mako biyu-biyu, kuma a farkon kowane zango akan zauna a ɗebo ayyuka daga jerin waɗanda ke jira. Tambayar da aka fi yi mini ita ce wace manhaja za a biya wa kuɗi don wannan zaman, alhali akwai wadda ta riga ta, wato da wane ma'auni za a san yawan abin da tawagar za ta iya ɗauka. Jagoran Scrum da Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka sabunta a 2020 bai tilasta wa kowa wani ma'auni ba. Abin da ya faɗa shi ne masu aikin za su fi samun tabbaci a hasashensu gwargwadon sanin da suka yi wa abin da suka kammala a baya, da ƙarfin da za su samu a zangon da ke tafe, da kuma sharuɗɗan da suka yarda a kansu kafin a kira aiki kammalalle. Saboda haka zaɓin ma'auni yana wuyanku, manhaja kuwa tana biyo baya.

Ma'aunai uku ne suka fi yawo. Na farko shi ne ƙidayar awoyi, inda ake ba kowane mutum awa shida ko makamancin haka a rana, a kuma ƙiyasta kowane aiki da awoyi. Yana da kyau a takarda, amma na daina amfani da shi domin ba kasafai aikin da aka ce awa huɗu ne yake ƙarewa a awa huɗu ba. Na biyu shi ne matsakaicin maki: a ba kowane aiki maki gwargwadon nauyinsa, yawanci 1, 2, 3, 5 ko 8, sannan a ɗauki matsakaicin abin da aka gama a zangunan baya. Illarsa ita ce bai san an yi hutu ba, bai kuma san wani ya tafi biki ba. Na uku, wanda nake bi kuma nake ba da shawarar a bi, shi ne a haɗa makin da aka gama a baya da ainihin kwanakin da mutane za su zauna kan aiki. Tushensa tsohuwar dabara ce ta masu bin wani tsarin rubuta manhaja mai suna Extreme Programming, wadda ke cewa abin da ka yi jiya shi ne mafi kusancin hasashen abin da za ka yi yau, sai dai a nan ana gyara lissafin da yawan hannayen da suke nan da gaske.

Bari in nuna yadda yake aiki da misali. A ce tawaga ce mai masu rubuta manhaja huɗu, zangonta kwana goma na aiki. A zanguna uku da suka wuce kwanakin da mutane suka samu su ne 36 da 40 da 34, jimilla 110, makin da aka gama kuma 21 da 26 da 19, jimilla 66. In aka raba 66 da 110 za a samu 0.6, ma'ana kowace rana ta mutum ɗaya tana haifar da ɗan abin da ya haura rabin maki. Yanzu sai a duba zango mai zuwa. Mutum huɗu sau kwana goma ya ba da 40. Hutun Sallah ya faɗo ciki da kwana biyu, wanda ya cinye 8, saura 32. Ɗaya daga cikinsu ya nemi ƙarin kwana uku don tafiya gida, saura 29. Wani kuma shi ne mai jiran koke-koken abokan ciniki a wannan karon, aikin da ke cin rabin kwana takwas ɗinsa, saura 25. Idan aka ninka 25 da 0.6 za a samu maki 15. Wanda ya dogara da matsakaici kaɗai zai ɗauki 22, wato ya ɗora wa mutanensa maki 7 da babu hannun da zai yi su, kuma ba zai gane ba sai kwana biyu kafin ƙarshen zango.

A takardar lissafi ta Google Sheets ko Excel, idan kwanakin baya suna layin B, makin baya suna layin C, kwanakin zango mai zuwa kuma suna B5, ƙa'idar gaba ɗaya ita ce:

```
=SUM(C2:C4)/SUM(B2:B4)*B5
```

Akwai kuskure biyu da ake yawan yi a nan. Na farko shi ne a sake cire lokacin taruka, da ɗaukewar wuta, da yankewar intanet daga kwana 25 ɗin, alhali adadin 0.6 ya riga ya haɗiye su, tunda a zangunan baya ma an yi taruka kuma an ɗauke wuta. Abin da ake cirewa shi ne wanda ya bambanta wannan zangon da na baya kawai. Na biyu shi ne a ƙidaya kwanakin baya da wata hanya daban da wadda aka ƙidaya na gaba. In za a cire rabin lokacin mai jiran koke yanzu, dole ne a ce an cire shi a duk zangon baya da wani ya yi wannan jiran.

Bayan an samu 15, sai zaɓen ayyuka, kuma a nan ne ma'aunin yake nuna amfaninsa. A ce burin zangon shi ne mai saye ya riƙa samun rasit bayan ya biya kuɗi. Akwai ragowar aiki daga zangon baya da aka sake dubawa aka ga saura maki 3, shi ne zai fara shiga. Sai haɗa rasit ɗin a ɓangaren uwar garke, maki 5, sai aika shi ta imel, maki 3, sai gyaran wani kuskure a lissafin haraji, maki 2. Jimilla 13. Aikin da ke biye a jeri shi ne shafin tarihin biyan kuɗi, mai maki 8, wanda ba zai shiga ba. Ko dai a tsaga shi gida biyu a ɗauki ƙaramin, ko a bar shi gaba ɗaya. Ni barinsa nake yi, in bar maki 2 ɗin a matsayin sarari, domin ban taɓa ganin zangon da wani abin gaggawa bai kutso ba. Sannan akwai dubawa ta ƙarshe wadda jimilla ba ta nunawa: idan mutum ɗaya ne ya iya manhajar Android, kuma shi ne mai tafiyar da kwana biyar kacal zai samu, to rabonsa bai wuce maki 3 ba, kuma duk aikin wayar da ya fi haka ba zai gamu ba ko da jimillar tawaga ta nuna akwai wuri.

Idan aka zo kan manhajoji, abin da nake aunawa da shi guda ɗaya ne: shin tana bari in rubuta ranakun da mutum ba ya nan kafin in fara jan ayyuka? Azure DevOps ce ta fi kusa, domin tana da shafin `Capacity` inda ake sa hutun kowane mutum da na tawaga baki ɗaya, kuma kyauta ce ga mutum biyar na farko, sai dai lissafinta ya fi karkata ga awoyi. Jira kyauta ce har mutum goma, rahotonta na `Velocity` kuma yana jera abin da aka ɗauka da abin da aka gama kafaɗa da kafaɗa, wanda daga nan za ku kwafo lambobin layin C. GitHub Projects tana da gurbin `Iteration` kuma tana iya tara lambobi, ta wadatar idan can kuke ajiye aikinku. Trello allo ne mai sauƙi, amma ba don wannan lissafin aka gina shi ba. Abin da na fi so shi ne ku riƙe allon da kuke da shi, ku ƙara masa takardar lissafin nan mai layi biyar, domin ƙaramar tawagar da ke samun kuɗinta da naira ba ta da dalilin biyan dala kan kowane mutum duk wata saboda ninkawa guda ɗaya.

Abin da ya fi damuna ba manhaja ba ne, jabun lambobi ne da masu sayar da su. Mun taɓa ɗaukar wani mai ba da shawara da ya yi alƙawarin ninka saurin tawagarmu cikin wata uku, kuma a kan allo ya cika alƙawari: makinmu ya tashi daga ashirin da 'yan kai zuwa sama da arba'in. Abin da ya faru shi ne a kowane zaman ƙiyasi yakan matsa sai aikin da muke ba 3 ya koma 5, na 5 ya koma 8, har muka saba. Yawan ayyukan da suke isa hannun abokan ciniki bai ƙaru ba ko kaɗan, amma shugabanni sun ga lamba ta hau, suka yi wa wani abokin ciniki alƙawarin rana bisa ita, muka kwashe makonni muna kwana a ofis, ɗaya daga cikin ƙwararrunmu kuma ya ajiye aiki bayan an gama. Har yau abin yana ci mini rai. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce: ku ƙidaya adadin ayyukan da aka gama a kowane zango, ku ajiye shi kusa da makin. In maki yana hawa, adadin ayyuka kuma yana nan inda yake, to ma'aunin ne ya kumbura. Ku kuma riƙe tsofaffin ayyuka biyu ko uku da kowa ya sani a matsayin abin kwatance, ta yadda duk wanda ya ce 8 za a tambaye shi ko ya fi wancan nauyi da gaske.

Jabu na biyu shi ne aikin da aka ja zuwa layin `Done` ranar ƙarshe ba tare da an gwada shi ba, don kada rahoto ya yi muni. Irin wannan yana gurɓata 0.6 ɗin da kuke dogaro da shi, kuma alamarsa ita ce kwanakin farko na sabon zango suna tafiya a gyaran abin da aka ce an gama. Aikin da bai cika sharuɗɗan kammalawa ba makinsa sifili ne a wannan zangon, ko da saura kaɗan.

Na uku su ne masu tallan horon kwana ɗaya da takardar shaidar da su da kansu suka buga. Takardun da aka sani suna da inda ake tantance su: PSM I ta Scrum.org jarrabawa ce mai tambayoyi 80 cikin minti 60 da ake buƙatar kashi 85 cikin ɗari, CSM ta Scrum Alliance kuma sai an halarci kwas wajen malamin da suka amince da shi, ana kuma sabunta ta duk shekara biyu. Kafin ku biya kowa, ku nemi sunansa a rajistar ƙungiyar da ya ambata, sannan ku miƙa masa lambobin zangunanku uku na baya da jadawalin hutun mutanenku, ku ce ya fitar muku da abin da za ku ɗauka a zango mai zuwa. Idan ya ba ku lamba ba tare da ya tambayi wa ke nan da wa ba ya nan ba, ko ya fara kwatanta makinku da na wata tawaga alhali kowace tawaga da nata awon, kada ku sa hannu a kwangilar.