Batirin ruwa ko litiyam ga robot ɗin gona mai sola?

"Jama'a robot ɗina na gona yana cin kusan 100W in yana tafiya, awa 5 nake so ya riƙa yi a rana, wuta kuma ba ta zama sai sola. Batirin ruwa zan saya ko litiyam?"

Malam ɗauki litiyam kawai, amma wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, ba kowane litiyam ba.

Yi lissafin da kanka ka gani. 100W sau awa 5 ya ba ka 500Wh, ka ƙara kashi 20 cikin ɗari na abin da ke zirarewa a waya da kwantirola, ka ce 600Wh kake nema kullum. Batirin ruwa ko jel mai 12V 100Ah a takarda 1200Wh ne, amma rabi ne naka, in kana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum ba zai daɗe ba. Wato sai ka ɗora wa robot batiri mai kusan kilo 30 kafin ka samu wannan 600Wh ɗin, kuma moton ne zai ja nauyin a cikin ƙasa mai laushi, tayoyi suna nutsewa cin wuta yana ƙaruwa. LiFePO4 mai 12.8V 60Ah kuwa 768Wh ne, ka ci kashi 80 ka samu 614Wh, nauyinsa bai fi kilo 7 zuwa 8 ba.

Ni irinsa ne a kan nawa, da hannu ɗaya nake ciro shi, kuma abin da ya fi burge ni shi ne ranar da hadari ya rufe rana caji ya tsaya a rabi, haka na mayar da shi ya yi aikinsa ba abin da ya same shi. Litiyam bai damu da rabin caji ba. Na ruwa kuwa yana son a cika shi taf, ƙarshen cajin nasa kuma a hankali yake shiga na awanni, in rana ta faɗi bai cika ba yau bai cika ba gobe, farin gishiri ya fara kama farantansa, shi ke nan ƙarfi ya tafi. Jel ɗin da na taɓa saya haka ya ƙare, robot yana hawa 'yar kunyar gona wuta ta faɗi kwamfutarsa ta mutu ta sake tashi. Abin da zan ce masa kawai ya fi araha ranar saye.

Inda litiyam ke ba mutane haushi shi ne BMS, allon da ke ciki mai yanke wuta. Moto in taya ta maƙale yana jan wuta ninkin abin da ya saba, a ce kowane ɗaya 20A, biyu 40A ke nan, in BMS ɗinka na 30A ne take zai yanke. Alamarsa komai ya mutu lokaci guda, ka auna bakin batiri ka ga kamar ba komai, ka cire kaya ko ka jona caja ya dawo garau. Ba lalacewa ya yi ba. Don haka duba abin da motonka ke ja in ya maƙale, ka nemi BMS da ya haura haka.

Fanel kuma, ka ƙaddara rana mai ƙarfi awa 4, abin da zai shiga batiri kashi 75, to 600 ÷ (4 × 0.75) ya ba ka 200W. Fanel mai wannan ƙarfin ya kai murabba'in mita ɗaya, kar ka ɗora shi a kan robot, iska za ta riƙa ture shi ga girgiza. Kafa shi wuri ɗaya da kwantirolar caji irin MPPT mai 20A da aka saita a 14.4V, robot ya yi aiki safe da yamma ya sha caji da tsakar rana, ko ka samu batiri biyu kana musanyawa.

Sai ka yi hattara da 'yan damfara, don suna nan da yawa. Sitika ba ta da wuyar bugawa. Ɗora batirin a sikeli, wanda aka rubuta 100Ah na LiFePO4 amma kilo 5 ne ƙarya ce tsagwaronta, na gaske yana kai kusan kilo 10 zuwa sama. In ya cika ya huta ya kamata ka ga 13.3V ko sama kaɗan, in 12.6V yake tsayawa wani litiyam ne daban aka saka a kwalin. Kwantirola ma suna rubuta MPPT a kan irin PWM wadda ba ta kai ta ba, a MPPT ta gaske wutar da ke fita zuwa batiri ta fi wadda ke shigowa daga fanel yawan amfiya. Kafin ka rabu da mai kaya ku yi da shi cewa za ka gwada, ka cika batirin ka jona masa kaya mai jan 5A, 60Ah na gaskiya zai kai kusan awa 12, in ya mutu a awa 6 mayar masa da abinsa.