Janareta a bayan inbata: cenjoba ta waje ko inbata mai ƙofar GEN?

"Salamu alaikum. Ina da inbata haibirid 5kVA, 48V, mai mashigar wuta ɗaya, da batirin litiyam 200Ah, da janaretan fetur 6.5kVA mai makulli. Ina so idan NEPA ta ɗauke kuma batir ya yi ƙasa, janareta ya tashi da kansa ya yi caji. Wani mai gyara ya ce in sa ATS a waje, wani ya ce in canja inbata in sayi mai ƙofar GEN. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Da kayan da kake da su, mu dai shawararmu ka riƙe inbatarka ka sa ATS a waje, wato cenjoba mai canja wuta da kanta. Amma hanyar tana da ƙaidi guda biyu da ya kamata ka sani kafin ka biya kuɗin aiki, domin a kansu ne inbata mai ƙofar GEN take yi mata fintinkau.

A hanya ta farko, wayar NEPA da ta janareta suna haɗuwa a ATS, ita kuma ta zaɓi ɗaya ta miƙa wa mashigar AC IN ta inbata. Inbatar ba ta san daga ina wutar ta fito ba, duk abin da ya zo NEPA ce a wurinta. A hanya ta biyu, irin ta Deye da Sunsynk, NEPA tana shiga ta GRID, janareta ta GEN, canjin kuma a cikin inbatar ake yinsa. Ta san wanda ke ba ta wuta, saboda haka tana iya yi wa kowanne nasa awon. Kusan duk sauran bambancin daga nan ya samo asali.

Mu fara da caji, don nan ne aka fi samun matsala. Janaretanka an rubuta masa 6.5kVA, amma idan ka ninka da 0.8 za ka ga ƙarfinsa na gaskiya bai wuce 5.2kW ba. Injin fetur mai sanyaya kansa da iska bai kamata ya yi awanni a kan iyakar ƙarfinsa ba, balle a zafin watan Afrilu, don haka ka ɗauki kashi 75 cikin ɗari, wato kusan 3.9kW. A ce gidanka da dare yana jan 1.5kW, tsakanin firji, fankoki, fitilu da talabijin. Wannan lodin kai tsaye yake komawa kan janareta da zarar inbata ta karɓi wutarsa. Saura 2.4kW ke nan na caji. Caja tana ɓarar da kusan kashi 10 cikin ɗari a zafi, batir kuma yana kusan 54V lokacin caji:

```
2400 × 0.9 ÷ 54 = 40A
```

To 40A ce iyakarka. Daga kashi 20 zuwa kashi 80 na batirin 200Ah ana buƙatar 120Ah, awa uku ke nan na janareta. Kada ka tilasta masa kaiwa ɗari: a ƙarshen caji batir yana rage abin da yake karɓa, injin ya yi ta shan mai a banza. Rana ko NEPA su ƙarasa sauran.

A inbata mai mashiga ɗaya, wurin sa wannan adadi guda ɗaya ne tak. A jinsin Axpert da masu kama da ita lamba 11 ce a saitin inbatar, Maximum utility charging current. Idan ka sa 40A saboda janareta, NEPA ma da 40A za ta yi caji, ko da ta zo da ƙarfinta kuma awa biyu kawai za ta yi. Wannan ne ƙaidi na farko. A mai ƙofar GEN kuwa akwai Gen Charge daban, Grid Charge daban, sai ka ba janareta 40A ka ba NEPA 80A, muddin takardar batirinka ta yarda da hakan. Idan kana da faifan sola isassu, wannan rashi ba zai dame ka sosai ba, domin cajin rana ba ya bin waccan lambar.

Idan aka bar caji a 60A ko 80A, ga abin da ke faruwa, kuma da kunne ma za ka gane shi. Janareta ya tashi, inbata ta jira 'yan daƙiƙoƙi ta karɓe shi, caji ya fara hawa, muryar injin ta yi nauyi, sai ka ji ƙas, inbata ta sake shi ta koma batir. Injin ya samu sauƙi ya dawo daidai, ta sake karɓa, a sake maimaitawa. Dalili shi ne ƙananan janareta suna ba da 50Hz ne a juyi 3000 a minti ɗaya. Nauyi ya yi yawa, juyi ya ragu, Hz da bolt su faɗi ƙasa da abin da inbata ta yarda da shi. Mutane da yawa a nan suke cewa inbatarsu "ba ta son janareta", alhali cajin ne ya fi ƙarfinsa. Ka rage zuwa 20A ka gani. Idan ta riƙe, ka riƙa ƙarawa goma-goma. Idan ko a 10A tana ƙi, ka auna Hz da mita: ba lodi ya kamata ka ga 51 zuwa 52, da lodi ya zauna kusa da 50. In yana lilo sama da ƙasa, matsalar ta gwamna ce, wato abin da ke daidaita juyin injin, ko ta kafireto, in kuma bolt ne ke yawo to a duba AVR, na'urar da ke daidaita bolt ɗin janareta. Sannan a lamba 03 ka zaɓi APL maimakon UPS, domin APL tana karɓar daga 90V zuwa 280V, UPS kuwa daga 170V take farawa.

Ƙaidi na biyu shi ne lodi mai fizga. Famfon rijiyar burtsatse mai doki ɗaya yana cin kusan 1kW a guje, amma lokacin tashi yana jan ninki uku zuwa biyar na ɗan lokaci. Yawancin inbata masu mashiga ɗaya wucewa kawai suke ba wutar janareta, ba sa taya shi ɗauka, don haka fizgar duka a kansa take sauka, a kan cajin da yake yi. A Deye akwai Gen peak-shaving: ka sa iyaka, misali 3900W, abin da ya haura sai batir ya cike. A tsarinka maganin na hannu ne, kada a kunna famfo ko dutsen guga lokacin da janareta ke caji.

Sai batun tashi da kai, kuma a nan hanyoyin biyu kunnen doki suke yi, abin da mai gyaran na biyu bai gaya maka ba. Kowace daga cikinsu abin da take bayarwa ɗan makunni ne kawai marar wuta, wanda aka rubuta wa NO, C da NC a jikin inbata irin taka. Yana rufewa idan batir ya yi ƙasa, ya buɗe idan ya cika. Ba ya murɗa makulli, ba ya jan cok, ba ya kashe inji. Janaretan dizil mai allon sarrafawa irin na Deep Sea yana da wurin da ake jona waɗannan wayoyi biyu, shi ke nan an gama. Na fetur mai makulli sai an ƙara masa akwatin tayarwa, wanda zai ja cok da solonayid, ya buga sitata na 'yan daƙiƙoƙi, ya saki da zarar ya ji injin ya kama, ya gwada sau uku, in ya ƙi ya haƙura. Ko ka sayi inbata mai ƙofar GEN gobe, wannan akwatin sai ka saye shi. Ka kuma sa wa ƙaramin batirin janareta na 12V 'yar caja da ke cin wuta daga inbata, domin galibin ranar da tsarin ya ƙi tashi, shi ne ya mutu.

Wajen haɗa ATS akwai kuskuren da ake yawan yi. ATS ta kasuwa an ƙera ta ne ta tayar da janareta da zarar NEPA ta ɗauke, wanda ke nufin injin zai yi ta ruri da rana tsaka batir a cike. Umarnin tashi daga inbata ya kamata ya fito. A ɗauki C da NO na inbata, a bi da su ta ƙafar NC ta wani ƙaramin rile da wutar NEPA ke riƙe da shi, wato ƙafar da ke rufewa idan NEPA ta ɗauke, sannan su tafi akwatin tayarwa. Da haka janareta ba zai tashi ba sai sharaɗi biyu sun cika: batir ya yi ƙasa, kuma babu NEPA. In NEPA ta dawo, rile ya buɗe, injin ya mutu.

Ita ATS ɗin, ta kasance mai 63A, mai yanke waya biyu, mai wuta da nitiral. Idan da kwantakta biyu za a haɗa ta, dole a sa musu makari na ƙarfe a tsakani ban da na waya, domin in suka kama tare ko na ƙiftawar ido ne, janareta da NEPA sun haɗu, kuma kwayil ɗin janareta ne zai ƙone. A sa jinkirin daƙiƙa 30 zuwa 60 kafin a ɗora wa injin lodi don ya ɗumama, da jinkirin minti ɗaya ko biyu kafin a koma NEPA, saboda wutar da ke zuwa ta ɗauke nan take. Daga janareta a ja waya 6mm² ta tagulla da bireka 25A, tunda 5.2kW a kan 230V bai kai 23A ba. Jikin janareta a ɗaure shi da sandar atin ɗin gidan, kuma injin da zai iya tashi ƙarfe uku na dare kowa na barci, wajibi ne ya zauna a fili, nesa da tagar ɗaki.

Abu ɗaya da zai iya ɓata maka lissafi shi ne yadda inbata ke gane batir ya yi ƙasa. Litiyam irin LiFePO4 bolt ɗinsa kusan a tsaye yake daga kashi 20 har zuwa 80, bambancin ɗan kaɗan ne. Idan da bolt ake yanke hukunci, lodi mai nauyi zai iya jan shi ƙasa na ɗan lokaci janareta ya tashi ba dalili, caji na farawa kuma bolt ya yi sama a kashe shi bayan minti goma. In inbatarka tana magana da BMS, wato na'urar da ke kula da batirin, ta wayar CAN ko RS485, ka jona ta ka yi aiki da kashi: tashi a 20, tsayawa a 80. In ba ta yi, ga batir mai sel 16 ka fara da 50V na tashi da 54.4V na tsayawa, ka lura da shi dare biyu ko uku ka gyara.

Canja inbata zai dace ne idan NEPA a unguwarku ba ta wuce awa biyu ko uku a rana har kana buƙatar ta yi caji da sauri, ko wurin asibiti ne ko shagon sanyi da ba mai tsayawa ya hana a kunna lodi, ko kana shirin komawa janaretan dizil. In ka kai ga haka, kada a jona janareta ta GRID a irin waɗannan inbata ba tare da an kunna Gen connect to Grid input ba, domin suna iya tura rarar wutar sola baya, janareta kuma ba shi da inda zai kai ta, AVR ce ke fara ƙonewa.