Kafin ku kai wa maɗaba'a: wace wasiƙa ce ke dawo da mai tarin fuka?

Maganin tarin fuka wata 6 ake sha, amma tun kafin a cika wata 2 tari ya lafa, abinci ya fara shiga, sai mutum ya ga ai ya warke. A nan ne ake fara tsallake ranar karɓar magani. Wasiƙun da na ga ana tura wa irin waɗannan majinyata kala uku ne, kuma ɗaya kawai zan kashe wa kuɗin bugawa.

Akwai ta barazana, mai cewa "in ba ka zo ba za mu rufe fayil ɗinka". Kada ku saya. Ta ofis kuwa, wadda ba gaisuwa sai lambar kati da kwanan wata, ƙarshenta a ƙulle ƙosai da ita.

Tawa ita ce mai kama da gaishe da mara lafiya: "Assalamu alaikum Malam. Ya ƙarfin jiki? Kwana biyu ba mu gan ka ba, shi ne muka ce bari mu ji ko lafiya. Kana iya zuwa Talata ko Alhamis da safe. In kuɗin mota ne ko aiki ya hana, turo mana saƙo mu san yadda za a yi."

Ba ta ƙirga sau nawa ya yi fashi ba, domin ya fi kowa sanin lissafin. Ta ambaci kuɗin mota da kanta, don magidanci ba zai buɗi baki ya ce ba shi da shi ba. Bayanin cewa katse magani na iya jawo tarin da ba ya jin magani, ko cewa wanda ya yi wata 2 bai sha ba sai an sake gwada kakinsa, ku bari sai ya zauna a gabanku.

Abin da na fi dubawa shi ne kada sunan cutar ya fito a wasiƙar. Na taɓa tura wa wani dattijo takarda mai hatimin sashenmu na tarin fuka, ashe ba ya karatun boko, ya miƙa wa yaron maƙwabta ya karanta masa. Kafin magariba unguwa ta ji. Bai sake tako asibitin ba. Tun daga nan ko a ambulan ɗin wasiƙa ba na barin sunan sashe.

Sai kuma 'yan damfara. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma akwai masu tare mutum a bakin ƙofa su ce tunda ya yi fashi sai ya biya tara kafin a fito da katinsa. Wanda ke jin kunyar fashinsa ba ya gardama, biya yake yi ko ya juya gida. Shi ya sa nake ƙara layi ɗaya a ƙasan wasiƙar: "Babu tara, kuma kada ka ba kowa ko sisi."