Kafin ka biya kuɗin fili a Yamai, haƙa rami ka duba

Filaye biyu masu faɗi ɗaya, amma na kusa da kogi ya fi na kan tudu araha nesa ba kusa ba. Sau da yawa rarar da ka samu, tushen gini ne zai cinye ta.

Katangar bulo ta gida marar bene, mai rufin kankare, tana sauke wajen tan 4 a kan kowace mita ta tsawonta. Marmara ko burji mai tauri irin na tudun Yamai na ɗaukar tan 20 zuwa sama a murabba'in mita, don haka a lissafi tushe mai faɗin santimita 20 ya isa, kodayake magina ba sa yin ƙasa da 40. Laka mai taushi kuwa wani lokaci tan 5 kawai take ɗauka. Raba 4 da 5, ka ga tushe ya koma santimita 80. Gidan bai canza ba, amma kankaren ya ninka.

Zurfi kuma dalilinsa daban. Laka na kumbura da damina, ta tsuke da rani har ta dare, tana ɗaga gini tana sauke shi. Dole tushe ya wuce inda wannan motsi yake kaiwa, mita 1 zuwa 1 da rabi, a ɗaure shi da rodi. Yashin jigawa ba ya kumbura. In ya zauna daram, santimita 70 zuwa 80 kan wadatar, sai dai a tsare gindin katanga daga zaizayar ruwa.

Ni wanda na fi tsoro shi ne filin ciko, tsohon kududdufi ko juji da aka rufe da jar ƙasa. Na taɓa tsayawa bakin ramin gwaji, sama ja wur, amma daga ƙugu zuwa ƙasa sai leda da toka da tsumma. Na ce wa mai saye: "Alhaji, nan sai mun tarar da ƙasar asali, ko da mita 3 ce." Ya fasa.

Saboda haka ka nemi izinin mai fili, ka haƙa rami biyu ko uku, mita 1 da rabi. Jiƙa ƙasar gindin ramin ka murza a tafin hannu: in ta yi igiya siririya ba ta karye ba, laka ce, in ta wargaje, yashi ne. Danna rodi da hannu; in ya nutse ba gardama, ƙasar ba ta zauna ba. Bar ramin ya kwana, ka ga ko ruwa zai tsattsafo, musamman wajen Saga, Lamorde da kwarin Gunti Yena. Ka je cikin watan Agusta, ka dubi katangun maƙwabta: tsaga mai tashi a karkace daga kusurwar taga alama ce ƙasa na motsi.

In bene kake nufi, gwajin hannu bai isa ba, sai injiniya ya auna ƙasar kafin ka sa hannu a takarda.