"Duka na sama" da tambayar "ba": wacce ta fi ɓata jarrabawa?

"Malamai, mai duba takardunmu a nan Gombe ya soke min tambayoyi masu 'duka na sama' da masu 'wanne ne ba'. Ni ban ga aibinsu ba. Wacce ta fi illa?"

Malama, kowacce da irin ɓarnarta. Ta farko tana ba yaro makin da bai cancanta ba, ta biyun kuma tana ƙwace maki daga wanda ya yi karatu.

Duba wannan: Wace jiha ce ke iyaka da Gombe? A. Bauchi, B. Yobe, C. Taraba, D. Duka na sama. Yaron da ya san Bauchi da Yobe zai zaɓi D ko da bai taɓa sanin Taraba maƙwabciyarmu ce ba, ke kuma ki rubuta cewa ya san duka ukun. Idan kika sa Kano a madadin Yobe, wanda ya san Kano ba ta iyaka da mu ya kawar da B da D a lokaci guda. Ga wata matsalar kuma: wanda ya ga Bauchi a tambayar farko ya zagaye ta, gaskiya ya faɗa, amma sifili zai samu. Yara kuwa ba su daɗewa suke gane cewa yawancin malamai ba sa sa "duka na sama" sai in ita ce amsar.

Mai korewa kuwa ga yadda take: Wacce ce ba ƙaramar hukumar jihar Gombe ba? A. Dukku, B. Nafada, C. Darazo, D. Kaltungo. Yarinya 'yar Dukku, lokaci na ƙurewa, idonta ya tsallake "ba", sai ta zagaye garinsu. Abin da kika auna a nan natsuwar karatu ce, ba sanin jiha ba. A ganina wannan ta fi ciwo, domin masu ƙoƙari take kayarwa.

Ki gwada da takardun da ke hannunki. A aji mai yara 40, ware 10 na sama da 10 na ƙasa, ki ƙirga waɗanda suka ci tambayar a kowane rukuni. In na ƙasa sun ci ta daidai da na sama, ko sun fi su, laifin na tambayar ne.

Gyaran ba wuya. Ki juya ta: Wacce ce ke cikin jihar Gombe? Darazo, Kirfi, Nafada, Alkaleri. Ukun na Bauchi ne, amsa ɗaya ce tak. In darasin kansa hani ne, kamar abin da ba a yi wa wanda ya ƙone, to ki bar korewar, amma ki rubuta BA da manyan baƙaƙe ki ja mata layi, kuma kada wata "ba" ta sake fitowa cikin zaɓuɓɓukan.