Sunayen da suka rikice: gyara da hannu ko sake shigar da fayil

"Mun shigar da jerin sunayen ma'aikata cikin Excel, sai Ɗanladi ya koma `ÆŠanladi`, Sa’adatu ta koma `Saâ€™adatu`. Shugabanmu yana son in rubuta wa abokan aiki bayani. In bi su da `Find and Replace` ne, ko in sake shigar da fayil ɗin?"

Malama, ki sake shigar da fayil ɗin daga asalinsa, domin sunayen ba su lalace ba, karanta su aka yi da ma'aunin da ba nasu ba. Kwamfuta tana ajiye kowane harafi a matsayin lamba, kuma a tsarin `UTF-8` haruffanmu masu lanƙwasa kowanne lamba biyu yake ci. Harafin Ɗ, alal misali, `C6 8A` ne. Idan aka danna fayil na `CSV` sau biyu, kuma babu alamar da ake kira `BOM`, wadda ke nuna cewa `UTF-8` ne, a farkonsa, Excel yakan ɗauka cewa tsohon tsarin `Windows-1252` ne, wanda a cikinsa kowace lamba harafi ce mai zaman kanta, sai ya karanta `C6` a matsayin `Æ`, ya karanta `8A` a matsayin `Š`. Haka ƙ ke komawa `Æ™`, ɗ kuma `É—`. Ita kuwa lanƙwasasshiyar alamar da ke tsakiyar Sa’adatu lamba uku take ci, shi ya sa baƙaƙe uku suka fito a gurbinta.

Hakan ya taɓa faruwa da ni da rajistar ɗalibai ana jibi za a buga katin jarrabawa, kuma har na fara tunanin kwana a ofis ina gyara suna ɗaya bayan ɗaya. Wata abokiyar aikina, Allah ya saka mata da alheri, ta jawo kujera ta ce in rufe fayil ɗin ba tare da na adana ba. Ta buɗe sabon shafi, ta shiga `Data`, ta zaɓi `From Text/CSV`, sannan a akwatin `File Origin` ta sauya abin da ke ciki zuwa `65001: Unicode (UTF-8)`. Tun a ɗan samfurin da ke bayyana kafin a danna `Load` na ga garin Ƙanƙara ya dawo da ƙugiyoyinsa biyu, kuma shayin da ta shigo da shi bai huce ba muka gama.

`Find and Replace` yana aiki idan asalin fayil ya ɓata kuma sunayen kaɗan ne, amma abin da idonki ya gani kawai yake gyarawa, kuma babban Ɓ yakan kuɓuce masa, saboda lambarsa ta biyu, wato `81`, ba ta da harafi a `Windows-1252`.

Kafin ki fara, ki duba irin rikicewar da kyau. Muddin `Æ` da `É` da `â€` kike gani, bayanan suna nan daram. Idan kuwa alamar tambaya ce ta zauna a gurbin harafi, kamar `?anladi`, to wani ya riga ya adana fayil ɗin a tsarin da bai san haruffanmu ba, galibi ta zaɓin `CSV (Comma delimited)`, kuma harafin ya tafi ke nan, sai dai a koma wurin wanda ya fitar da bayanan a nemi sabon kwafi. A nan ne masu tallar manhajar gyara suke cin kasuwarsu. Na taɓa sayen ɗaya daga hannun wani da ya rantse cewa tana dawo da komai, ashe abin da take yi bai wuce wanda Excel ke yi kyauta ba, alamar tambaya kuwa ko ɗaya ba ta dawo da ita ba. Kada kuma ki ɗora jerin sunayen ma'aikata a shafin da ba ki san mai shi ba don wai zai gyara miki.

Takardar abokan aiki kada ta yi tsawo. Ga yadda zan rubuta ta:

"Sunayen da suka rikice a jerin ma'aikata ba kuskuren mai bugawa ba ne, kuma babu bayanin da ya ɓata. An buɗe fayil ɗin da tsarin haruffan da bai dace ba, shi ya sa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suka sauya kama. An sake shigar da shi daga asali da `UTF-8`, an kuma tabbatar adadin layuka ya yi daidai da na farko. Muna roƙon a share tsohon kwafi, kuma duk wanda zai adana jerin a matsayin `CSV` ya zaɓi `CSV UTF-8 (Comma delimited)`."

Kafin ki aika, ki yi amfani da `Ctrl+F` ki nemi `Æ` da `É` da `â€` a sabon jerin, kuma idan aka buga wasu takardu daga tsohon, ki ambaci sunayensu a takardar domin a janye su.